Yadda za ka nuna ƙwazonka a ciniki ba tare da ka tona asirin maigida da kwastoma ba

Duk wanda ya taɓa zama gaban masu ɗaukar aiki yana neman kujerar jami'in sayar da kaya ya san inda zancen yake yin zafi. An gama gaisuwa, an duba takardun makaranta, sai ɗaya daga cikinsu ya gyara zama ya ce: "To, a inda kake yanzu, nawa kake sayarwa a shekara, kuma su wa da wa ke sayen kaya a hannunka?" A nan mutum yake shiga tsaka mai wuya. In ya yi shiru, za a ɗauka ba shi da abin nunawa. In ya zayyana komai, ya miƙa littafin cinikin maigidansa ga mutanen da wataƙila su ne manyan abokan gogayyarsa a kasuwa. Irin wannan tambaya ce ke jiran ƙaramin dillali idan ya je neman wakilcin sabon kamfani, da mai masana'anta idan ya zauna da wanda zai zuba jari.

Akwai hanyar da ake bi tsakanin shirun da tonon asirin, kuma sana'a ce da ake koyo. Za mu bi ta da misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe, domin a lissafi ne ake gane inda sirri ke yoyo.

A ce ga wani matashi da ya shekara huɗu yana yi wa wani babban dila na sabulu da kayan wanki aiki a Kano. Yankinsa ya haɗa da Kasuwar Singa da wasu garuruwa na kusa. Lambobin da za mu yi amfani da su na misali ne, mun zaɓe su don lissafin ya zo da sauƙi. A 2023 ya sayar da katan 48,000, kuɗinsu naira miliyan 240. A 2024 ya sayar da katan 55,200, kuɗinsu naira miliyan 372. Adadin da aka ɗora masa ya sayar a 2024 katan 50,000 ne. Kwastomominsa na dindindin sun tashi daga 60 zuwa 84. Yanzu wani kamfani ya kira shi ganawa, an ce ya zo da takaitaccen bayanin abin da ya cim ma.

Kafin ya rubuta komai, yana da kyau ya tambayi kansa me mai tambayar yake son sani a zahiri. Manajan kirki ba adadin kuɗin wani kamfani yake bukata ba. Abubuwa uku yake son ya tabbatar: shin cinikin ya ƙaru a hannun wannan yaro, shin ƙaruwar aikinsa ce ko kasuwa ce ta ɗaga kowa, kuma shin ya saba hulɗa da irin mutanen da za a tura shi wurinsu. Duk ukun ana iya amsa su ba tare da an ambaci naira ɗaya ko sunan mutum ɗaya ba.

Sai kuma ya san me ne sirri a cikin abin da ke hannunsa, domin ba komai ba ne. Abin da kamfani ya wallafa da kansa, kamar rahoton shekara da kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya suke fitarwa, ko farashin da ke manne a jikin kaya, kowa na iya faɗa. Abin da ke cikin littafin ofis kuwa wani abu ne daban: jimillar ciniki, farashin da ake ba kowane dillali, rangwamen da ake yi wa manya, kwanakin da ake ɗaga wa mai bashi ƙafa, da jerin sunayen masu saye. Waɗannan su ne jarin dila na gaskiya. Wanda ya san cewa ana ba wane rangwamen naira ɗari a kowane katan, gobe da safe zai je masa da tayin ɗari da hamsin. Yawancin takardun ɗaukar aiki na kamfanoni suna da sakin layi kan riƙe sirri, kuma sau da yawa sharaɗin yana ci gaba da aiki bayan mutum ya bar wurin. Matashinmu ya nemo tasa takardar ya karanta wannan sakin layi da idonsa. Ko da bai taɓa sa hannu a kan komai ba, amanar tana wuyansa, kuma a kasuwa irin ta Kano labarin wanda ya fitar da littafin maigidansa ba ya kwana.

Ga kuma doka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda hukumar NDPC ke kula da aiwatar da ita. Ghana tana da irinta tun 2012. Dokar Najeriya tana kare bayanan mutum ne mai rai, kamar sunansa da lambar wayarsa da adireshinsa. Wannan ya shafi mai sayar da kaya kai tsaye, saboda kwastomomi da yawa a kasuwanninmu ba kamfanoni ba ne, mutane ne masu shago, kuma sunan shagon shi ne sunan mai shi. Jerin da ke ɗauke da suna da lambar waya da bashin da ake bin kowa bayanan mutane ne, ba takardar da za a tura wa baƙo ba.

Yanzu ga lambobin. Dabarar farko ita ce a mayar da su ma'aunin ɗari. Ana zaɓar lokaci guda a matsayin tushe, a ba shi maki 100, sannan a auna sauran da shi. A 2023 matashinmu yana sayar da katan 12,000 a kowane wata uku idan aka raba daidai. Wannan shi ne 100. A 2024 ya sayar da 12,600 a wata ukun farko, sai 13,200, sai 13,800, sai 15,600 a na ƙarshe. Idan aka raba kowanne da 12,000 aka ninka da ɗari, za a samu 105, 110, 115 da 130. Wanda ke aiki da Excel, in tushen yana B2 sauran suna ƙasa da shi, sai ya rubuta wannan a C2 ya ja shi ƙasa:

```
=B2/$B$2*100
```

Mai kallon waɗannan lambobi huɗu ya ga komai: cinikin yana hawa a hankali, kuma ya yi tsalle a ƙarshen shekara. Amma bai san ko katan dubu goma ake magana ko dubu ɗari ba. Haka sauran za su bi. Maimakon katan 55,200 a kan 50,000, sai ya ce ya cika adadin da aka ɗora masa har ya ɗora kusan kashi 10 cikin ɗari a kai. Maimakon 60 zuwa 84, sai ya ce kwastomomin dindindin sun ƙaru da kashi 40 cikin ɗari.

Akwai wani wuri a nan da nake so a tsaya, domin a nan ne mutanen kirki ma suke zamewa ba da gangan ba. Idan matashin ya auna da naira, daga miliyan 240 zuwa 372 ƙaruwar kashi 55 cikin ɗari ce. Idan ya auna da katan, kashi 15 ce. Duk biyun gaskiya ne a lissafi, amma ɗaya ce kawai take nuna aikinsa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan shekara, wanda ya zauna a shago bai ƙara sayar da ko katan ɗaya ba, kuɗin cinikinsa zai kumbura. Ɓoye adadin asali yana ba mutum damar zaɓar lambar da ta fi ƙyalli, kuma mai sauraro ba shi da hanyar bincikawa. Shi ya sa wajibi ne ya faɗi abin da ya auna: katan ne ko naira, wace shekara da wace, yanki ɗaya ne ko an ƙara masa wani a tsakani. Manajan da ya san aikinsa zai tambayi haka. Wanda ya ce kashi 15 a yawan kaya, sannan ya ƙara da cewa a naira ya fi haka saboda tashin farashi, ya fi samun yarda a kan wanda ya zo yana ɗaga kashi 55.

Kashi cikin ɗari yana da nasa rauni. Wanda ya tashi daga katan goma zuwa ashirin ya ninka cinikinsa, kuma zai iya cewa kashi 100. Don haka mai tambaya yana da haƙƙin sanin girman abin da ake magana a kai. Amsar ita ce a ba shi zango mai faɗi: "Yankina yana cikin waɗanda cinikinsu ke tsakanin naira miliyan ɗari da miliyan ɗari biyar a shekara." Faɗin zangon shi ne kariyar. In ya ce tsakanin miliyan 350 da 400, ya riga ya faɗa. Ko ya bi ta matsayi, ya ce cikin jami'ai takwas shi ne na biyu, ko ya ce yankinsa na ɗaya daga cikin manya uku na kamfanin. Zango ɗaya ya isa a duk bayanin, kuma in maigidan nasa mai tsananin ɓoye lamuransa ne, matsayi ya fi zango aminci.

To, ina sirrin yake yoyo bayan an yi duk wannan? Yana yoyo ne idan lambobi biyu da kowannensu ba shi da laifi suka haɗu. A takarda matashin ya rubuta kashi 15. Ana cikin hira, an sake jiki, sai ya ce: "Ai bara katan dubu bakwai da ɗari biyu na ƙara." Wanda ke gefe da biro ya raba 7,200 da kashi 15 cikin ɗari, ya samu 48,000. Ya haɗa su, ya samu 55,200. Farashin katan kuwa duk ɗan kasuwa ya san shi. Cikin minti ɗaya an gano cinikin yankin na shekara biyu. Haka in ya ce kamashonsa kashi ɗaya ne cikin ɗari, can kuma ana maganar albashi ya ce bara ya karɓi kamashon naira miliyan uku da dubu ɗari bakwai, ya faɗi miliyan 370 da bakinsa. Haka in ya ce kashi 40 a takarda, a baki kuma ya ce sababbin kwastomomi 24 ya kawo. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a kan abu ɗaya, ko dai kashi ko dai adadi, kada su haɗu. Kuma ya yanke shawarar wanda zai yi amfani da shi tun daga gida, saboda a tsakiyar hira ba a samun nutsuwar lissafi.

Zanen ginshiƙai ma yana magana. Mutum zai goge lambobin da ke gefen zane ya ɗauka ya gama, alhali tsawon ginshiƙan yana nan. In har an san adadin ginshiƙi ɗaya, mai abin awo zai fitar da sauran. Wannan ba matsala ba ce idan da ma'aunin ɗari aka yi zanen kuma ba a faɗi adadi ko ɗaya ba, amma ya zama matsala da zarar an faɗa.

Batun sunaye ya fi na lambobi wuya, domin cire suna ba shi ne ɓoye mutum ba. Akwai wani labari sananne daga Amurka. A shekarun 1990 wata hukumar inshorar ma'aikatan jihar Massachusetts ta fitar da bayanan asibiti na ma'aikata don masu bincike, bayan ta goge sunaye da adireshi. A 1997 wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala ashirin, ta haɗa ta da waɗancan bayanai. Mutum shida ne a birnin suke da ranar haihuwa ɗaya da gwamnan jihar, William Weld. Uku daga cikinsu maza ne. Ɗaya ne kaɗai yake zaune a unguwar da ke da lambar gidan waya irin tasa. Da haka ta ciro bayanan lafiyar gwamna daga takardun da ba suna a ciki. Ba wani sirri ta sata ba, siffofi uku kawai ta jera.

Kasuwa ta fi birni ƙanƙanta. Idan matashinmu ya rubuta "wani babban dillalin sabulu a Singa mai shaguna uku, wanda ke tura kaya Maraɗi", duk wanda ya yi wata shida a harkar ya san wa ake nufi, ko da siffar ba ta ɗauke da harafi ɗaya na sunansa. Haka sanya harufan farko na suna, ko cewa "Alhaji na layin kaza", duk rufin da ba ya rufe komai ne. Gwajin da ya kamata ya yi shi ne ya ƙirga: a idon wanda ya san kasuwar, mutum nawa ne wannan siffa ta dace da su? In ba su kai biyar ba, sai ya faɗaɗa ta. Ya cire adadin shaguna, ya cire garin da ake tura kaya, ya mayar da Singa ta zama Kano. Sai ta koma "babban dillalin kayan masarufi a Kano", wadda ta dace da mutane da yawa. Abin lura shi ne da idon mai sauraro ake yin wannan gwaji. Siffar da ta ɓoye mutum a gaban ma'aikacin banki daga Legas tana iya zama tamkar kiran suna a gaban manajan da ya girma a kasuwar.

Mafi kyau ma kada ya jera kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. Ya tara su rukuni-rukuni, ya faɗi rabon kowane rukuni a cinikinsa: manyan dillalai kusan rabi, masu matsakaitan shaguna kusan kashi ɗaya cikin uku, ragowar kuma manyan kantunan zamani da makarantun kwana da otal-otal. Wannan ya amsa tambayar manaja ta uku, wato da wa ya saba hulɗa. Sai dai ya kula da rukunin da mutanen cikinsa ba su da yawa. Hukumomin ƙididdiga a ƙasashe da dama suna da al'adar ƙin wallafa adadin rukunin da kamfanonin cikinsa ba su kai uku ba, ko wanda kamfani ɗaya ya mamaye, kuma dalilinsu ya shafe mu. In rukuni na mutum biyu ne, kowannensu zai cire nasa daga jimilla ya san na ɗan'uwansa. In kantin zamani ɗaya tak yake saye a hannunsa, rubuta "kantunan zamani: kashi 8" daidai yake da bayyana cinikin wannan kanti. Maganin shi ne a haɗa ƙaramin rukuni da na kusa da shi.

Lambobi kaɗai ba sa ɗaukar mutum aiki. Abin da ke zama a zuciyar mai sauraro shi ne labarin matsala guda da aka warware, kuma ana iya ba da shi a rufe. Matashin zai iya cewa: akwai wani babban dillali da ya rage saye saboda kaya suna isa masa a makare. Na bi sawun abin, na gano cewa odarsa tana shiga ne bayan an gama tsara motocin mako. Na roƙi a mayar da ranar karɓar odarsa baya da kwana biyu, kuma cikin wata uku sayensa ya koma yadda yake, har ya zarce da kusan kashi ɗaya cikin biyar. An ga tunaninsa, an ga matakin da ya ɗauka, an ga sakamako. Abin da zai guje wa a irin wannan labari shi ne duk abin da zai zubar da mutuncin kwastoma, musamman bashi. Labarin wanda ya kasa biya, ko an sakaya sunansa, in aka gane shi ya zama ɓata suna, kuma a kasuwa mutuncin biyan bashi shi ne rabin jarin mutum.

Idan kuwa yana ganin ambaton wani suna zai ƙara masa nauyi, ƙofa a buɗe take: ya nemi izini. Izinin nan biyu ne, na kwastoman da na maigidan, domin hulɗar ta kamfani ce, ba tasa ba ce shi kaɗai. Ya je wurin mutumin ya ce: "Alhaji, ina neman wani aiki, ina so in ambaci cewa mun yi hulɗa. Ba zan faɗi adadin kaya ko farashi ba. In ka amince, zan so ka rubuto mini ko da a saƙon waya ne." Ya fayyace abin da zai faɗa da wanda zai faɗa wa, saboda wanda ya yarda a ambace shi a ɗaki gaban mutum uku bai yarda a manna sunansa a intanet ba. In yana neman aikin ne ba da sanin maigidansa ba, to wannan ƙofar a rufe take, sai ya tsaya kan siffa da rukuni. Suna ɗaya da aka samu da izini, wanda mai shi zai ɗaga waya ya ce "ƙwarai, na san shi, yaron kirki ne", ya fi jerin sunaye ashirin amfani.

Saura wurin da mutane suka fi faɗawa, wato fayil ɗin kansa. Mutum ya yi duk abin da muka faɗa, sai na'ura ta tona shi. Idan aka kwafi zane daga Excel aka manna a PowerPoint, akwai zaɓin mannawa da ke shigar da dukkan littafin lissafin cikin fayil ɗin. Wanda aka tura wa zai danna zanen da maɓallin dama, ya zaɓi Edit Data, sai ga ainihin lambobi, har da sauran shafukan da ke ɗauke da sunaye. Hanyar tsira ita ce a manna zanen a matsayin hoto, ta zaɓin Picture, kuma tun farko a gina shi a sabon fayil da ba komai a ciki sai 105, 110, 115 da 130. Ɓoye layi da Hide a Excel ba gogewa ba ne, Unhide yana dawo da shi nan take. Kafin a tura kowane fayil na Office, a shiga File, sai Info, sai Check for Issues, sai Inspect Document, domin a nan ake ganin sunan marubuci da na kamfani da bayanan gefe da aka manta da su. A duba sunan fayil ɗin ma, kada ya zama sunan kwastoma ne a jikinsa.

Zana baƙin akwati a kan rubutu a PDF shi ma yaudarar ido ce, rubutun yana nan a ƙasa. A watan Janairu na 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da wata takarda a kotu a Washington da wasu layuka a lulluɓe da baƙi. 'Yan jarida suka kwafi wuraren suka manna a wani shafi, sai ga duk abin da aka ɓoye, ciki har da batun cewa ya ba wani abokin hulɗarsa, Konstantin Kilimnik, bayanan ƙuri'ar jin ra'ayin masu zaɓe. In manyan lauyoyi sun faɗa wannan rami, kowa na iya faɗawa. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: a buɗe PDF ɗin, a danna Ctrl+A, sai Ctrl+C, a manna a shafin da ba komai, a karanta abin da ya fito. Haka hoton rasit da aka shafa wa alƙalamin waya: wasu alƙaluman ba su da duhu sosai, in aka ƙara wa hoton haske rubutun yana bayyana. Ni dai shawarata, kada a ɗauki takardar ofis a yi mata kwaskwarima ko kaɗan. Fitar da ita daga ofis ma laifi ne a wurare da yawa. A rubuta sabuwa daga farko, shafi ɗaya, da lambobin da aka riga aka sauya.

A saman shafin ya rubuta layi ɗaya da ke bayyana cewa an mayar da alkaluman ma'aunin ɗari, an kuma sakaya sunayen abokan ciniki, saboda alƙawarin riƙe sirri. Wannan layi yana hana a zaci ɓoye gazawa yake yi.

Duk da haka za a matsa masa. Wani zai ce: "Haba, tsakaninmu ne, ba inda za ta je." Amsar da ta dace a ba da ita cikin ladabi, ba tare da kame-kame ba: "Ranka ya daɗe, wannan amanar wurin da nake ce, ba zan iya faɗin adadi ko suna ba. Amma zan iya nuna maka yadda cinikin ya tafi, da irin mutanen da na yi hulɗa da su, kuma ga wanda za ka kira ya tabbatar maka." Wani lokaci tambayar gwaji ce, ana so a ga ko cikinsa na riƙe magana, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wani lokaci kuma da gaske ake, kuma ganawar ba don ɗaukarsa aka kira ta ba, don a tatsi labarin abokin gogayya ne. Alamar ita ce tambayoyin sun bar kansa sun koma kan rangwame da farashin da ake ba wane da wane. Kamfanin da ya ƙi ɗaukar mutum don ya ƙi kawo jerin kwastomomin maigidansa ya nuna abin da yake so a wurinsa, kuma ranar da jerin ya ƙare, amfaninsa ya ƙare.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma ya dace a faɗe ta. Idan mai kasuwanci ne da kansa yake neman rance ko jari, banki ba zai karɓi ma'aunin ɗari ba, zai nemi bayanan asusu da ainihin littafi, kuma yana da gaskiya. A nan abin da ake yi shi ne bayyanawa mataki-mataki: a zaman farko a nuna rufaffen bayani irin wanda muka tsara, idan magana ta yi nisa a sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri, sannan a buɗe adadi. Sunayen kwastomomi su ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ana iya ba su lambobi, kwastoma na ɗaya, na biyu, na uku, a bar jerin da ke fassara lambobin a gida. Bambancin shi ne mai kasuwanci lambobinsa ne, yana da ikon buɗe su. Ma'aikaci ba nasa ba ne.

Kafin ka fita da shafinka, ka miƙa shi ga wani aminin da ya san kasuwar, wanda da ma yana da hurumin sanin lambobin, ka ba shi biro da minti goma. Ka ce ya gwada fitar maka da adadin katan, ko jimillar kuɗi, ko sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ka siffanta. In ya iya, ka koma ka faɗaɗa zangon, ka rage siffar, ka cire lambar da ta ba shi hanya, sannan ka sake ba shi.